Gargaɗi ga Masu Rubuta Babi na Biyu: A Daina Jera Sunaye

Ƙannena ɗaliban ajin ƙarshe na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da 'yan Kurfi da ke karatu a Katsina ko Zariya ko Kano: duk wanda aka amince masa da taken kundinsa, har ya ɗora alƙalami a kan babi na biyu, ya dakata ya saurara. Akwai wata hanya ta rubuta bitar ayyukan da suka gabata wadda ta zama ruwan dare a manyan makarantun ƙasar nan. Daga kundi zuwa kundi take yaɗuwa, domin sabon ɗalibi yakan ɗauko kundin wanda ya riga shi ya kwaikwayi tsarinsa, ba tare da ya tambayi ko tsarin na da kyau ba. In ta shiga aikinka a watan farko, ba za ka ga ɓarnarta ba sai bayan ka buga takardun tambayoyi, ka kashe kuɗin mota zuwa ƙauyuka, ka dawo da amsoshin da ba su amsa komai ba. A lokacin kuwa gyara ya yi tsada.

Kowa ya san kamanninta. Sakin layi na farko ya fara da sunan wani masani da shekara, a faɗi abin da ya yi. Na biyu ya fara da sunan wani, na uku haka, har shafi ashirin. A ƙarshen kowane ɗaya a liƙa jimlar nan da aka gada: wannan aiki yana da alaƙa da nawa domin duka suna magana a kan noma, amma sun bambanta domin shi a Kano ya yi nasa, ni kuwa a Kurfi zan yi nawa. Mai rubutun ya sha wahala, ba a musu. Sai dai abin da ya yi daidai yake da alƙalin da ya rubuta maganar kowane shaida dalla-dalla, sannan ya naɗe tabarmarsa ya tashi, bai auna maganar wannan da ta wancan ba, bai kuma yanke hukunci ba.

Aikin babi na biyu shi ne ya gaya wa mai karatu abin da aka riga aka sani a kan tambayarka, da inda masana suka haɗu, da inda suka rabu, da abin da ya rage ba a warware ba. Wannan ba ya fitowa sai an sa batu a gaba, an kira masanan su zo ƙarƙashinsa. Batun shi ake kira jigo. Ko da Turanci kake rubutu ko da Hausa ko Larabci, ko a sashen tattalin arziki kake ko tarihi ko aikin gona, dokar ɗaya ce.

Magana a sama ba ta wadatarwa, don haka bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi. A ce wata ɗaliba 'yar Kurfi tana rubutu a kan dalilan da ke sa ƙananan manoma sayar da gero da dawa da kaka, lokacin da hatsi ke arha, sannan su dawo su saya da tsada idan damina ta yi tsakiya. Wannan ɗaliba ta yi sa'a, domin ƙasar Katsina na cikin wuraren da aka yi wa zuzzurfan nazari a kan rayuwar manoma. Polly Hill ta zauna a Batagarawa a 1967, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Michael Watts ya yi aikinsa a Kaita a shekarun 1970, littafinsa Silent Violence ya fito a 1983. Paul Clough ya fara nazarin ƙauyen Marmara da ke kusa da Malumfashi a 1977, ya yi ta komawa, littafinsa bai fito ba sai 2014. Daga gefen Zariya kuma akwai binciken David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda ya bi ayyukan manoma a ƙauyuka uku a shekarun 1960. Duk wanda ya taso daga Dutsin-Ma zai tafi Katsina, sai ya ratsa ƙasar Kurfi sannan ya shiga ta Batagarawa. Wato mutanen da Hill ta rubuta a kansu maƙwabtan kakannin ɗalibarmu ne.

Idan ta bi hanyar jeri, ga abin da za ta samar. Hill ta gano akwai bambancin arziki tsakanin manoman Batagarawa. Watts ya gano mulkin mallaka ya jefa manoma cikin haɗarin yunwa. Clough ya gano manoman Marmara suna tara dukiya. Norman ya gano manoma suna fama da ƙarancin ma'aikata lokacin noma. Kowace jimla gaskiya ce. Amma mai karatu ya gama bai san cewa Watts da Clough, waɗanda suka yi aiki kusan lokaci ɗaya a ƙasa ɗaya, sun kalli dangantakar mai hali da talaka sun fito da fahimta mabambanciya ba. Ita kanta ɗalibar ba ta sani ba, domin ba ta taɓa ajiye su gefe da gefe ba. Wannan saɓani kuwa shi ne abu mafi amfani gare ta a cikin duk abin da ta karanta.

To yaya za ta yi? Matakin farko ba rubutu ba ne. Ta samo ƙananan takardu, ko ta yayyanka fallayen littafin rubutu gida huɗu-huɗu. Duk lokacin da ta ci karo da wata magana da ta shafi tambayarta, ta rubuta ta da kalmominta a kan takarda ɗaya, ta sa sunan marubucin da shekara da lambar shafi a ƙasa. Magana ɗaya, takarda ɗaya. Nan ne sirrin yake, kuma nan ne mafi yawa suke kuskurewa: suna ba kowane littafi shafi guda na taƙaitawa, sai littafin ya zauna a dunƙule, ba ya rabuwa. Idan aka bi magana-magana, littafin Hill kaɗai zai iya ba ta takardu goma. Ɗaya ta ce Hill ta kasa gidajen manoman Batagarawa kashi huɗu gwargwadon ƙarfinsu. Wata ta ce masu ƙarfi sukan ajiye hatsi a rumbu har farashi ya tashi. Wata ta ce marasa ƙarfi sukan tafi ƙwadago a gonakin wasu daidai lokacin da tasu gonar ke buƙatar su. Wata ta ce talaucinsu ba daga rashin fili ya taso ba, domin a lokacin akwai dajin da za a iya sharewa. Wanda ya fi sabawa da kwamfuta yana iya yin jadawali, layi ɗaya ga kowace magana, da gurbin suna, shekara, shafi, wurin da aka yi binciken, da yadda aka yi shi. Kada a manta da gurabun nan biyu na ƙarshe, za mu ga amfaninsu.

Bayan ta tara takardu hamsin ko sittin daga ayyuka goma sha biyar zuwa ashirin, sai ta baza su a tabarma ta fara kasawa. Ta rufe ido daga sunayen marubuta, ta dubi abin da kowace takarda ke magana a kai. Za ta ga wasu suna magana a kan buƙatar kuɗi da kaka: haraji, biki, suna, tufafin iyali. Wasu a kan bashi. Wasu a kan ƙwadago da ƙarancin abin da gona ta bayar tun farko. Wasu a kan wanda ke saye ya ajiye. Jigogi huɗu ke nan, kuma daga cikin karatun suka fito, ba a zauna an ƙirƙiro su kafin a buɗe littafi ba. Uku zuwa biyar sun ishi kundin digirin farko. Tarin da ya tashi da marubuci ɗaya tak bai zama jigo ba tukuna. Ko dai a ƙaro karatu a kansa, ko a haɗe shi da na kusa da shi. Tarin da ya kwashe rabin takardun kuma ya yi faɗi, a raba shi biyu.

Lura da abin da ya faru: Hill ta bayyana a tari uku ko huɗu, Watts ma haka. Wasu ɗalibai suna tsoron wannan, suna ganin maimaici ne. Ko kaɗan. Alamar an fahimci littafi ita ce a iya kiran sa a wurare daban-daban, kowane wuri da abin da ya dace da shi.

Yanzu mu tsaya a jigon bashi, domin nan ne aikin ke nuna kansa. Ɗalibarmu tana da takardu daga mutum uku. Kafin ta rubuta komai, ta tambayi kanta: a ina suka yarda da juna, a ina suka saɓa, kuma me ya sa? Idan ta amsa, sakin layinta zai fito kamar haka:

"Masu bincike a karkarar Katsina sun haɗu a kan cewa bashi na da hannu a yadda hatsi ke fita daga gidan manomi, amma sun rabu a kan yadda za a fahimce shi. Watts (1983) ya ɗauke shi a matsayin tarko: manomin da abincinsa ya ƙare da damina yakan ci bashi, irin su falle da ake biya da amfanin gona, sai kaka ta zo ya biya da hatsi mai arha, ya sake shiga damina ta gaba da rumbun da bai cika ba. Hill, a wani aikinta na daban (1986), ta ja hankali ga wani ɓangare, cewa mafi talaucin manoma sau da yawa ba sa ma samun mai ba su rance, don haka kasancewar mutum da bashi a kansa ba lalle ne ya nuna shi ne mafi rauni ba. Clough (2014), daga Marmara, ya sanya rance cikin zaman amana da hidima tsakanin mai gida da waɗanda ke ƙarƙashinsa, inda mai hali ke tara iyali da mabiya tare da dukiya. Wani ɓangare na wannan saɓani yana iya kasancewa daga wuraren da aka yi binciken: Kaita na arewa, inda ruwan sama ke da ƙaranci, Marmara kuwa na kudu, cikin yankin shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975. Abin da ya rage a sani shi ne wace fahimta ce ta fi dacewa da Kurfi a yau."

A dubi ginin wannan sakin layi. Jimlar farko ta ɗalibar ce, babu sunan kowa a cikinta, kuma ita ce ta faɗi abin da sakin layin zai nuna. Masanan sun shigo a tsakiya, kowa yana amsa wa ɗan'uwansa. Sannan ta kawo dalilin da zai iya sa suka saɓa, kuma ta faɗe shi da taka-tsantsan, "yana iya kasancewa", domin hasashenta ne, ba abin da ta tabbatar ba. A nan gurbin wuri da ta cike a jadawalinta ya yi mata rana. Jimlar ƙarshe ta mayar da maganar kan aikinta. Mutum uku a sakin layi ɗaya, kuma an ƙaru da abin da shafi uku na jeri ba za su bayar ba.

Ga kuma dalilin da ya sa na ce ɓarnar jeri ba ta tsayawa a babi na biyu. Ɗalibar da ta jera sunaye, idan ta zo tsara takardar tambayoyi, za ta rubuta: "Ana bin ka bashi? E ko a'a." Za ta ƙirga, ta ce kashi kaza na manoma suna da bashi, ta kammala da cewa bashi ne matsalar. Wadda ta auna Watts da Hill da Clough ba za ta yarda da wannan tambaya ita kaɗai ba. Ta riga ta san cewa "a'a" na iya fitowa daga bakin mutum biyu da ba su yi kama ba: wanda ya wadatu bai nema ba, da wanda ya nema aka hana shi. Saboda haka za ta tambaya: ka nemi rance a daminar bara? Ka samu? Daga wa, ɗan'uwa ko ɗan kasuwa ko mai gidanka ko ƙungiya? Da kuɗi ka biya ko da hatsi? A wane wata? Kowace tambaya daga wata jimla ta babi na biyu ta tsiro. Ta farkon za ta dawo daga ƙauye da lambobin da suka cakuɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi a kwando ɗaya, kuma babu wata dabarar lissafi da za ta raba su daga baya. Sai dai a sake komawa, ga kuɗi ya ƙare, ga lokaci ya ƙure, ga hanyoyin wasu ƙauyukanmu a shekarun nan ba kullum ake shigar su ba saboda halin tsaro.

Jigon buƙatar kuɗi da kaka ma yana da tasa koyarwar, ta fuskar zamani. Lokacin da Hill da Watts suka yi aikinsu ana karɓar haraji, kuma da kaka ake matsa wa mutane su biya, don haka yana cikin abubuwan da ke fitar da hatsi kasuwa. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Mai jeri zai kwafo haraji ya sa cikin dalilan sayar da hatsi kamar jiya aka rubuta. Mai tsara jigo, da yake ya ajiye tsofaffin ayyuka da sababbi a ƙarƙashin batu ɗaya, dole ya ga cewa jerin buƙatun ya sauya, ya tambayi abin da ke matsa wa manomi yanzu: bashin taki ne, ko kuɗin makaranta, ko magani, ko tsadar sufuri tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Wannan ya nuna cewa ayyukan masanan nan huɗu, duk da nauyinsu, ba su isa su kaɗai ba. Wajibi ne a nemo maƙalun shekarun baya-bayan nan daga mujallu da kundayen digiri na biyu da na uku, a zuba su cikin tarin takardun. Tsofaffin su ba ka asalin muhawarar, sababbin su nuna inda ta kai.

Jigon ƙwadago ba sai mun daɗe a kansa ba. Norman ya nuna cewa watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai, su ne aiki ke cushewa. Hill ta nuna cewa a irin wannan lokaci ne talaka ke barin gonarsa ya yi wa wani aiki don ya ciyar da gida. Idan aka haɗa su, sai a ga cewa abin da ake gani a kasuwa da kaka ya samo tushe tun watanni huɗu baya. Babu ɗayansu da ya rubuta wannan haɗi domin ɗalibarmu. Ita ce ta haɗa, kuma wannan shi ne gudummawarta a babin.

Dole in yi kashedi a kan jigogin bogi, domin wasu da suka ji an ce a daina jeri sukan sa wa jerin kanun labarai su ce sun gyara. Kasa ayyuka zuwa bugaggun littattafai, da kundayen bincike, da maƙalu, ba tsarin jigo ba ne. Haka kasa su zuwa ayyukan ƙasashen waje, da na Nijeriya, da na Katsina. Haka bin shekaru daga 1970 zuwa yau, sai fa idan sauyin tunani cikin shekarun shi ne abin da kake son nunawa. Duk waɗannan suna raba mutanen da ya kamata a zaunar wuri ɗaya: maƙalar da ta soki wani littafi ta koma shafi na goma sha takwas, littafin yana shafi na uku. Na san wasu sassa suna da tsarin da suka gindaya, ko na rabe-raben ayyuka irin wannan, ko na bayanin ma'anoni, sannan ra'in bincike, sannan binciken da aka gudanar. Kada ka yi jayayya da sashenka. Ka riƙe manyan kanun da aka ba ka, ka tsara jigoginka a ƙarƙashinsu, musamman a ɓangaren binciken da aka gudanar, inda jeri ya fi yin katutu. In akwai shakka, ka kai wa malamin da ke duba aikinka jigogin a shafi ɗaya ka ce, "Malam, ga yadda nake son in kasa su," kafin ka rubuta shafi ashirin.

Sunan jigon ma yana tona asiri. Idan kan ya ce "Bashi" kawai, komai na iya shiga ƙarƙashinsa, jeri kuma ya dawo ta bayan gida. Ka gwada mayar da shi tambaya a takardarka ta gefe: shin bashi ne ke tilasta sayar da hatsi da kaka, kuma wa yake tilastawa? Duk takardar da ba ta taimaka wajen amsa wannan ba, ba wurinta ba ne.

Wasu takardun ba za su sami wuri a ko'ina ba, kuma barin su yana da ciwo. Ɗalibarmu tana iya kasancewa ta kwana biyu a kan littafin Dokta Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Babban aiki ne, amma bai taɓa tambayarta kai-tsaye ba. In yana da wuri, a shimfiɗar babi na ɗaya ne. Cusa shi a babi na biyu don a ga ta yi karatu shi ne mafarin komawa jeri. Yawan manazarta ba ya ƙara maki idan rabinsu ba su yi aikin komai ba.

Akwai wata cuta da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jeri, ita ce ambaton abin da ba a karanta ba. Tsarin jeri yana ba da damar haka, domin sakin layin da ke tsaye shi kaɗai ana iya ɗauke shi daga tsohon kundi, ko daga shagon masu buga takardu, a dasa shi a sabo ba tare da an ga ɗinki ba. Ta haka kuskure ɗaya na suna ko shekara ke yawo cikin kundaye shekara da shekaru, kuma ta haka ɗalibi ke faɗawa laifin satar fasaha, wanda jami'o'i ke hukuntawa, wasu ma suna da manhajar gano shi. Sakin layin jigo ba ya kwafuwa da sauƙi, domin an gina shi a kan tambayarka ce kai kaɗai. In littafi ya gagare ka samu, ka ga maganarsa a wani aiki, ka faɗi gaskiya: Hill, kamar yadda wane ya ruwaito. Kada ka jingina wa mutum maganar da ba ka ga shafinta ba. Ranar kare kundi, malamin da ya zo daga wata jami'a yana iya ɗaga kai ya ce, "To, tsakanin Watts da Clough wa ka fi gamsuwa da shi, kuma don me?" Wanda ya tsara jigo ya riga ya amsa wannan a rubuce. Mai jeri ba shi da abin cewa, ko da ya haddace kowane sakin layi.

Sai batun giɓi, ko hujjar ci gaba da bincike. Jeri ba ya haifar da wata hujja sai guda: ba a taɓa yin irin wannan aiki a Kurfi ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin akwai dubban garuruwa da ba a yi aikin a cikinsu ba, kuma da wuya ka iya rantsewa cewa babu wani kundi a Zariya ko Katsina da ya riga ka. Hujjar da ke tsayawa da ƙafarta ita ce wadda ta fito daga jigogin. Ɗalibarmu za ta iya cewa: masana sun saɓa a kan rawar da bashi ke takawa, fitattun ayyukan an yi su a yanayin da haraji da farashin taki da tsaro suka bambanta da na yau, saboda haka wannan bincike zai duba waɗanne buƙatu da wane irin rance ne ke fitar da hatsin ƙananan manoman Kurfi da kaka. Ko da wani ya taɓa aiki a Kurfi, wannan hujja ba ta faɗi ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ba kowane batu ne ke da saɓani ba, kuma ƙirƙiro faɗa tsakanin masanan da ba su saɓa ba ƙarya ce. Inda mutum biyar suka faɗi abu ɗaya, ka faɗe shi sau ɗaya ka sa sunayensu biyar a baka, ka wuce. Inda sakamako ya bambanta, ka fara duba yadda aka yi binciken: wanda ya zauna a ƙauye ɗaya wata da watanni da wanda ya raba takardun tambayoyi cikin mako guda ba abu ɗaya suka gani ba, kuma ya kamata ka gaya wa mai karatu haka. Aikin da kundinka gaba ɗaya ya dogara a kansa, kamar ra'in da ka zaɓa, ya cancanci sakin layinsa shi kaɗai, babu laifi.

Wanda ya riga ya rubuta babinsa yana iya gane halin da yake ciki yau ɗin nan. Ka ɗauki jan biro ka ja layi ƙarƙashin kalmomi biyar na farkon kowane sakin layi. Idan mafi yawansu suna ne da shekara, jeri ka yi. Sannan ka ɗauki sakin layi na uku ka musanya shi da na tara a zuciyarka. Idan babu abin da ya lalace, babu zaren da ke riƙe da babin. Na uku, ka rufe takardun ka gwada gaya wa abokin ɗakinka, cikin jimla huɗu kuma ba tare da kiran sunan kowa ba, abin da aka sani a kan tambayarka. In ka kasa, ba ka kai ga rubutu ba tukuna.

Idan ka faɗi waɗannan gwaje-gwaje, wahalarka ba ta tafi a banza ba. Taƙaitawar da ka yi ita ce kayan aikin. Ka buga ta a takarda, ka yanka ta magana-magana da almakashi, ka tabbatar kowane yanki na ɗauke da suna da shekara da shafi, ka kasa su, ka rubuta jimlar farko ta kowane tari da bakinka. Aikin 'yan kwanaki ne idan an riga an yi karatun.

Ina roƙon malamai masu duba kundaye da su nemi ganin jigogi a shafi ɗaya kafin su karɓi cikakken babi. Ku kuma ƙannena, don Allah kada wanda ya buga takardar tambayoyi ko ɗaya, ko ya hau mota zuwa ƙauye, sai ya iya nuna jimlar babi na biyu da kowace tambayarsa ta fito daga cikinta.